Jadawalin nisa tsakanin sito 6 da ƙauyuka 140: ina kilomitocin suka shige?

Nura Gumel: Assalamu alaikum jama'a. Ina riƙe wa kawuna lissafi a ɗan kamfaninsa na dakon kaya. Muna da kanta huɗu, muna kwaso riɗi da zoɓo daga ƙauyukan yankin Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar har zuwa Maigatari, mu tara a sito, daga nan tirela ta kai Dawanau. Sitonmu shida, wuraren ɗaukar kaya 140. Kawu yana so a daina ba direba kuɗin mai da ka, a samu jadawalin da zai nuna kilomita nawa ne daga kowane wuri zuwa kowane wuri. Na fara dubawa ɗaya bayan ɗaya a Google Maps ina rubutawa a Excel, sai na ga ko shekara zan yi ba zan gama ba. Akwai mai dabara?

Auwal: Wa'alaikumus salam. Abu mai sauƙi. 6 sau 140 ai 840 ne kacal. Google na da Distance Matrix API, ka tura masa wuraren tashi da wuraren zuwa ya dawo maka da komai. Kafin ka sha shayi an gama.

Injiniya Bilkisu: Nura, kafin a yi maganar kayan aiki, wata tambaya. Idan kanta ta bar sito, ƙauye ɗaya take zuwa ta cika ta dawo, ko tana bin ƙauyuka uku huɗu?

Nura Gumel: Tana bin uku zuwa biyar, Anti. Da wuya ƙauye ɗaya ya cika mota sai a tsakiyar kaka.

Injiniya Bilkisu: To ba 840 kake nema ba. Wannan lissafin na sito zuwa ƙauye ne kawai. Tunda mota na tashi daga wannan ƙauye zuwa wancan, kana buƙatar nisan da ke tsakanin su kansu ƙauyukan. Wurarenka duka 146 ne, jadawalin kuma 146 sau 146, wato gurbi 21,316. Google kuma a kan gurbi yake cajin kuɗi, ba a kan yawan turawa ba. Tsohon Distance Matrix yana karɓar gurbi 100 a turawa guda, sai ka yanka jadawalin goma-goma, turawa 225 ke nan. Na Routes API yana ɗaukar 625, wato 25 sau 25, turawa 36. Ko ta wanne ka bi, adadin gurbin da za a lissafa maka bai canja ba. Sannan ka karanta sharuɗɗansu da kyau, domin sun taƙaita adana sakamako, kai kuma jadawalin da za ka ajiye ka yi ta aiki da shi kake so.

Auwal: Ai sai a raba biyu. Gumel zuwa Maigatari da Maigatari zuwa Gumel duk abu ɗaya ne. A cire na wuri zuwa kansa, saura 10,585.

Injiniya Bilkisu: A hanyar ƙauye yawanci haka ne. Amma ka shigo Kano ko ka hau tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Wudil, inda sai ka wuce ka samu wurin juyawa, zuwa da dawowa sun bambanta. Ni ina son a lissafa duka ɓangarorin biyu ma don wani dalili: duk inda zuwa da dawowa suka yi hannun riga a tsakiyar karkara, akwai abin da ya lalace a taswirar, kuma ta haka ake kama shi.

Malam Sabo: Ni dai direba ne, na bar tuƙi na koma lodi. Ko kilomita ɗaya ne, mota wayam da mota mai buhu tamanin ba su shan mai ɗaya. Ku sa wannan a lissafinku.

Hajiya Talatu: Sannunku da aiki. Ni ma abin da nake nema ke nan. Nawa ake ɗaukar kwalin busasshen kifi daga Haɗejiya zuwa Kano yanzu? Kowane direba da nasa farashin.

Nura Gumel: Hajiya, ba farashi muke fitarwa ba tukuna, nisa muke aunawa. In ya kammala zai taimaka wajen ciniki dai.

Hajiya Talatu: Au, to Allah ya taimaka. In kun gama ku tuna da mu.

Injiniya Bilkisu: Shawarata ka kafa OSRM, wani injin lissafin hanya, a laftof ɗinka. Kyauta ne, yana aiki da taswirar OpenStreetMap, kuma da zarar ka sauke taswirar ba ka buƙatar data. Ka sauke fayil ɗin taswirar Najeriya daga shafin Geofabrik, ka yanko yankin Kano da Jigawa don kada laftof ya sha wahala, sai ka gina:

```
osmium extract -b 7.5,10.3,10.9,13.2 nigeria-latest.osm.pbf -o arewa.osm.pbf
osrm-extract -p car.lua arewa.osm.pbf
osrm-contract arewa.osrm
osrm-routed --algorithm ch --max-table-size 300 arewa.osrm
```

Na buɗe iyakar yankan da gangan, domin in ka matse ta, hanyar da ta ɗan fita ta dawo za ta yanke. Layin ƙarshe kuma kada ka manta da `--max-table-size`, in ba haka ba a wurare 100 yake tsayawa, kai kuma 146 gare ka. Tambayar ga yadda take, da Gumel da Maigatari a matsayin misali:

```
/table/v1/driving/9.39,12.63;9.45,12.81?annotations=distance,duration
```

In ba ka sa `annotations` ba lokaci kawai zai ba ka. Nisa yana zuwa a mita, lokaci a daƙiƙa.

Mustafa Ringim: Ƙari a kan na Injiniya. Ka lura 9.39 ya riga 12.63. Wayarka da Google Maps latitud suke fara rubutawa, OSRM kuma lonjitud yake so a farko. Mu a nan abin ya fi muni, don in ka juya lambobin ba teku kake faɗawa ba balle a ce maka ka yi kuskure. Juya na Dawanau ka gani, wajen Ganye a Adamawa za ka tsinci kanka, cikin Najeriya, ga titi a kusa. Da cikakkiyar taswirar ƙasa zai ba ka amsa cikin natsuwa kamar ba abin da ya faru.

Nura Gumel: Tirƙashi. Su wuraren kuma, da sunan ƙauye zan nema ko yaya?

Mustafa Ringim: Kada ka soma. Tudun Wada nawa ka sani? Sabon Gari fa? Ka ba yaran mota aiki, duk inda aka tsaya lodi su tura maka wurin ta waya, a daidai inda mota ke tsayawa, ba ƙofar gidan mai gari ba. Kuma a bar lamba biyar bayan ɗigo. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, saboda haka in Excel ya datse maka zuwa lamba biyu kamar misalin da ke sama, wuri zai iya gocewa da rabin kilomita ko fiye.

Nura Gumel: Muna da su, tun bara muke tarawa. Zan gwada cikin dare in an kawo wuta.

Nura Gumel: Jama'a ina kwananku. Ya yi aiki! Duk gurbi 21,316 sun fito, ko minti ɗaya bai ɗauka ba, babu gurbi ko ɗaya da ya zo wayam. Sai dai na kai wa Malam Sabo ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Malam Sabo: Yo ba dole ba. Takarda ta ce daga ƙauye mai lamba 37 zuwa mai lamba 52 bai kai kilomita ɗaya ba. Yaro, ko tsuntsu ne kai ba za ka yi ta a haka ba. Kilomita 11 ce a mitar mota, na bi ta ba adadi. Ɗaya yana arewa da kwalta, ɗaya yana kudu.

Auwal: Na faɗa muku Google ya fi. Kayan kyauta ke nan.

Injiniya Bilkisu: Tsaya tukuna Auwal. Nura, wannan shi ne ainihin aikin, abin da ka yi jiya share fage ne. Injin ba daga ƙauyenka yake fara awo ba. Yana ɗaukar wurin da ka ba shi ya manna shi a kan hanya mafi kusa wadda ya yarda mota na bi, daga nan ya fara ƙirga. Tazarar da ke tsakanin ƙauyen da inda ya manna shi ba ta shiga jadawali ko kaɗan. Amma yana faɗa maka ita, mutane ne ba sa dubawa. A cikin amsar akwai `sources`, kowane wuri da nasa `distance`. Ka ɗora amsar a `r` a Python, ka gudanar da wannan ka gaya mana:

```
for i, w in enumerate(r["sources"]):
    if w["distance"] > 300:
        print(i, round(w["distance"]))
```

Nura Gumel: Wurare 31 suka fito. Lamba 37 ya nuna 2600, lamba 52 ya nuna 3300.

Injiniya Bilkisu: Ga kilomitocinka nan. Ya jawo 37 daga arewa mita 2,600 ya ajiye a bakin kwalta, ya jawo 52 daga kudu mita 3,300 ya ajiye a kan wannan kwaltar dai, sai ya auna tsakanin inda ya ajiye su, ya samu mita 900. A miƙe kamar an ja zare, tsakanin ƙauyukan nan kusan kilomita 6 ne. Wannan ya kawo mu gwaji na biyu, wanda nake so ka yi wa jadawalin duka: ka lissafa nisan miƙe na kowane gurbi da dabarar lissafi ta haversine, ka raba nisan hanya da shi. Hanya ba ta taɓa fin miƙe gajarta, don haka duk gurbin da ya ba ka ƙasa da 1 ƙarya ne, babu ja. Naka ya ba da 0.15. Wanda ya haura 2 kuma ka ware shi ka duba da ido, ko dai kogi ne ya tilasta zagaye da gaske, ko kuwa wata gada ce ko guntun hanya ba a haɗa a taswira ba.

Nura Gumel: Amma Anti na buɗe taswirar, akwai hanya har cikin ƙauyukan biyu. An zana ta da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Me ya hana shi binta?

Mustafa Ringim: Danna ta ka ga alamarta. Na tabbata `highway=track` za ka gani.

Nura Gumel: Shi ne kuwa.

Injiniya Bilkisu: To `car.lua` da ke zuwa da OSRM ba ya bin `track` in ba a rubuta wa hanyar izinin mota a fili ba. Akwai jerin gudu a cikinsa, `secondary` 55, `tertiary` 40, `unclassified` 25, babu `track` a jerin. Ga mai ƙaramar mota a birni daidai ne, hanyar gona ba tasa ba ce. Ku kuwa rabin sana'arku a kanta take. Ka kwafi fayil ɗin a cikin jakar da yake, ka sa masa suna `kanta.lua`, ka ƙara layi ɗaya a jerin:

```
track = 15,
```

Sai ka sake `osrm-extract` da `osrm-contract` da sabon fayil ɗin. Dole a sake ginawa, kashe injin a kunna bai isa ba.

Auwal: Shi Google ba ya wannan mannawar?

Injiniya Bilkisu: Duk injin da ke lissafin hanya sai ya manna wuri a kan hanyar da ya sani. Wani ƙauyen Google zai fi saninsa, wani OpenStreetMap zai fi. Abin da ya sa na fi son wannan a aikin Nura shi ne yana nuna maka tazarar mannawar a kan kowane wuri, kuma kana iya buɗe cikinsa ka gyara. In kana da hali ka ɗauki gurbi ɗari ka gwada a Google mu kwatanta, zan so in gani.

Auwal: Zan yi. In nawa ya fi kusa da mitar Malam Sabo, akwai tsire a kanki.

Nura Gumel: Na sake ginawa. Daga 31 sun koma 9. Su taran nan babu hanya a taswira sam. Sannan 37 zuwa 52 yanzu kilomita 7.4.

Malam Sabo: An matso, amma da saura. Na san inda ya bi. Daga 37 zuwa kwalta kilomita uku, wannan daidai. Amma daga kwalta zuwa 52 ya yanke ta burtali. Yashi ne zalla, amalanke da babur ke binsa. Ka sa kanta da lodi a ciki sai an kira tarakta. Mu kan yi gaba a kwalta kilomita biyu da rabi, mu sauka ta burjin da ke bayan makarantar firamare, shi kuma biyar da rabi. Haɗa ka gani.

Nura Gumel: 11 cif. Allah ya ƙara girma, Baba.

Mustafa Ringim: Wannan matsalar daga zanen ne. Da yawa daga hanyoyin yankinmu daga hoton tauraron ɗan'adam aka zana su, mai zanen bai taɓa taka wurin ba, a hoto kuma burji da burtali duk jan layi ne. Ƙa'idar da masu zanen OpenStreetMap suka tsara wa hanyoyin Afirka ta ce hanyar da ke haɗa ƙauyuka `unclassified` ce ko da ba kwalta, `track` kuwa ta shiga gona ce. Burjin nan ya kamata a mayar da shi `unclassified` da `surface=unpaved`, burtalin a sa masa `surface=sand`. Kowa na iya buɗe asusu ya gyara, Geofabrik kuma kullum yake sabunta fayil. In Malam Sabo zai zauna da ni awa biyu mu bi taran nan da sauran, ni zan zana.

Injiniya Bilkisu: Gyaran yana da kyau, amma shi kaɗai ba zai fitar da Nura ba. Ku tuna nisan da OSRM ke bayarwa na hanyar da ta fi sauri ne a wurinsa, ba wadda ta fi gajarta ba. Mu yi ƙiyasi daga inda aka hau kwalta. Ta burtali: mita 900 na kwalta wajen minti ɗaya, sai kilomita 3.5 a gudun 15, minti 14, jimla 15. Ta burji bayan gyaran Mustafa: kilomita 2.5 na kwalta wajen minti uku, sai 5.5 a gudun 25, minti 13, jimla 16. Da ratar minti ɗaya zai sake zaɓar burtali ya rubuta maka 7.4. In ka sauke `track` zuwa 10, burtalin ya zama minti 22, sai ya koma burji ya rubuta 11. Lamba ɗaya a fayil, kilomita uku da rabi a jadawali. Shi ya sa ba na yarda da mai cewa shi nisa kawai yake so, gudu bai dame shi ba.

Nura Gumel: To in sa 10 ke nan?

Injiniya Bilkisu: Ni 10 zan sa. Manufar ita ce injin ya shiga `track` don ya isa ƙauye, kada ya mayar da ita hanyar yanke.

Mustafa Ringim: A nan ban bi ki ba, Injiniya. Akwai `track` masu kyau da rani, ƙasa mai tauri, mota na yin 30 a kai. In kika danne su duka zuwa 10, zai riƙa zagaye da mota ta kwalta inda direba ba ya zagayawa, jadawali ya kumbura, kawun Nura ya biya man da ba a sha ba. A bar 15, a hukunta yashi kaɗai ta `surface_speeds`, wato jerin da ke rage gudu bisa irin ƙasar hanya.

Injiniya Bilkisu: Da an rubuta `surface` a kan hanyoyin, da na yarda nan take. Nura, duba guda ashirin a yankinku ka ga nawa ke da shi. Hukuncin da ba ya samun wanda zai hau kansa ba ya aiki.

Malam Sabo: Ku dai ku yi ta yi. Tambayata ɗaya: wannan jadawalin na rani ne ko na damina? Don daga Yuli zuwa Satumba akwai fadamar da ba a ratsawa. Su na wajen Auyo da Kafin Hausa da Miga ku tambaye su abin da suka gani a ambaliyar 2022, hanyar da ka sani jiya yau kwale-kwale ke yawo a kai.

Hajiya Talatu: Wallahi kuwa. A shekarar nan kifinmu sai da ya yi zagayen da ban taɓa gani ba, kuɗin mota ya cinye ribar.

Injiniya Bilkisu: Taswirar ba ta san wata ba, Malam. Hanya mafi arha ita ce jadawali biyu. Na rani da `kanta.lua`, na damina da wani kwafin da aka ƙara danne `track`. Sai kuma wani ɗan shafi na uku a Excel, wanda nake ganin ya fi su duka daraja: daga, zuwa, kilomita a mitar mota, wata, sunan direba. Duk gurbin da ke da awon gaske, shi ake ɗauka a bar na injin. Ba sai an auna dubu ashirin ba. Mota ba ta tashi daga ƙauyen Maigatari ta nufi na Gagarawa kai tsaye, 'yan ɗaruruwan gurabe ne ake bi kullum, su za a fara cikewa. Taran da ba su da hanya kuma, kafin Mustafa ya zana, ka ƙara musu tazarar mannawa da hannu a zuwa da dawowa, kana sane cewa ta gaza gaskiya tunda a miƙe aka auna ta.

Nura Gumel: Mitar mota biyu ta mutu cikin huɗun.

Auwal: Waya ta isa. A sa manhajar da ke ɗaukar sawun GPS, ba ta cin data, da yamma a turo fayil ɗin.

Malam Sabo: Hmm. Ka ce wa direba waya za ta riƙa bin sawunsa, ka ga yadda caji zai riƙa ƙarewa kullum. Ranar Alhamis wa zai wuce kasuwar Maigatari bai ɗan leƙa ba? Nura, ka gaya wa Alhaji in zai biya mai da wannan takardar, ya fara zama da direbobin a karanta musu, kowa ya nuna inda bai yarda ba. In aka sauke musu ita daga sama, ni ba ruwana.

Nura Gumel: Zan faɗa masa, Baba. Anti, na duba ashirin ɗin, uku ne kawai ke da `surface`. Zan gina da 10 da kuma 15, in fitar da guraben da suka bambanta da fiye da kilomita biyu, Malam Sabo ya yi mana alƙalanci a kansu. Malam Mustafa, Asabar ta yi maka?

Mustafa Ringim: Asabar ina da ɗaurin aure a Taura. Lahadi bayan azahar, in kun yarda mu haɗu a Gujungu tunda ranar kasuwa ce. A zo da laftof da caji, kuma a turo min lambobin taran nan tun yau in fara duba hotonsu.